Takardar Haraji Da Ta Hana Ni Barci

Shagona na kayan masarufi ne: shinkafa, sukari, madara, taliya, man girki da sabulu. A shekarar 2023, wata ranar Talata bayan azahar, mutum biyu suka shigo da sallama, suka miƙo mini ambulan, suka ce in sa hannu a littafinsu cewa na karɓa. Bayan tafiyarsu na buɗe. Daga ofishin haraji na jiharmu take, ana nemana da naira 896,000 na shekarar 2022. Gabana ya faɗi, na zauna kan buhun shinkafa na sake ƙirga lambobin da yatsa, ko dai na ƙara sifili ne da kaina. A lokacin kuɗin nan ya kusa rabin jarin da ke cikin shagon.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne in je ofishin in zazzaga musu faɗa. Daga baya zuciya ta ce in cusa takardar ƙarƙashin kanta in manta da ita. Kafin magariba ma wani ya leƙo ya ce in ba shi dubu ɗari da hamsin, ya san wanda zai kashe maganar. Da na tambaye shi rasit, sai ya yi dariya ya ce irin wannan aiki ba a ba da rasit.

Bayan kwana biyu ban runtsa ba, na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon akanta, takardar. Ya sa tabarau ya karanta ta daga sama har ƙasa, abin da ni ban yi ba, don idona bai wuce wurin kuɗin ba. Ya tambaye ni ranar da na sa hannu na karɓa, ya rubuta a bayan ambulan.

"Ɗana, ka taɓa kai musu bayanin abin da ka samu a shekara?"

Na ce, "Baba, ai ina biyan haraji. Ga rasit nan cike da leda."

Ya dudduba ya ce waɗannan duk na ƙaramar hukuma ne, kuɗin shago da na shara. Harajin kuɗin shiga daban yake, kuma mai shago irina, da ba kamfani ya yi wa rajista ba, jiha yake biya. Doka ta ce kowace shekara, kafin ƙarshen Maris, mutum ya kai bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata. Wanda bai kai ba, ofishin na da ikon ƙiyasta masa. Ni sun ƙiyasta cewa ribata miliyan shida ce. Ba ƙiyayya ba ce, in ji shi, sun ga kantoci cike da kaya, ni kuma ban taɓa faɗa musu komai ba.

Sai ya nuna mini layin da ya fi kowanne nauyi a takardar: ina da kwana talatin daga ranar da aka ba ni ita in rubuta ƙin amincewa, tare da hujjoji. Idan kwanakin suka wuce ban rubuta ba, ƙiyasin ya zama tabbataccen bashi a kaina, kuma daga nan maganar tara da kuɗin ruwa da garƙame shago ke tasowa. A nan na gane cewa ɓoye takardar da na yi niyya shi ne mafi muni. Zuwa in yi faɗa da baki ma ba ya tsayar da ƙirgen kwanakin, haka kuɗin da zan ba wancan mutumin.

Mako guda muka yi muna haɗa lissafi bayan sallar isha'i. Na fito da littafin ciniki da yaron shago ke rubutawa, da rasitan sari na Kasuwar Singa da na soka a ƙusa, wasu duk man girki ya jiƙa su, na kuma karɓo bayanan asusuna na shekarar daga banki. Ciniki ya kama naira miliyan 14.4, kuɗin sarin kayan da aka sayar kuma miliyan 12.3. Saura miliyan 2.1. Muka cire hayar shago 300,000, albashin yaro 240,000, sai wuta da dako da sauran ƙananan abubuwa 160,000. Abin da ya rage, miliyan 1.4, shi ne ribar gaske. Shekara goma sha ina kasuwanci, wannan ne karo na farko da na ga ribata a rubuce.

Ni na fara rubuta wasiƙar, shafi biyu cur, da maganar tsadar rayuwa da yawan iyali da zalunci. Baba ya karanta ya ajiye ta gefe. Ya ce jami'in da zai duba ba shi da ikon rage haraji saboda tausayi, lissafi kaɗai zai iya sa wa hannu. Wadda muka aika ba ta cika shafi ɗaya ba. Ta ƙunshi sunana da lambata ta mai biyan haraji, lambar takardar da ranar da na karɓe ta, sannan ta ce ban amince da ƙiyasin miliyan shida ba, ribata ta 2022 miliyan 1.4 ce, ga kwafin hujjoji a haɗe, ina roƙon a sake duba lissafin. Na kuma amsa a ciki cewa ban kai bayanina a kan lokaci ba. Na so in cire wannan layin, ya ce in bar shi, tunda gaskiya ce kuma sun riga sun sani.

A rana ta goma sha biyu na kai da kaina. Kwafi na ba su, asalin rasitan na riƙe a gida. Na tsaya har aka buga hatimi da kwanan wata a kan kwafina na wasiƙar, domin shi kaɗai ne shaidar cewa ban wuce wa'adi ba.

Da suka kira ni zama, jami'ar da ke duba fayil ɗina ta tambaya, "Alhaji, kayan da kake ɗiba kana kai gida fa, ina suke a lissafin nan?" Raina ya so ya ɓaci, amma tambayar na kan hanya. Shinkafa da sukarin da iyali suka ci ba asarar shago ba ne, riba ce na cinye. Muka daidaita a kan 100,000, ribar ta koma miliyan 1.5. A tsarin wancan lokaci ana cire rangwamen 200,000 da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga, wato 500,000 gaba ɗaya, saura miliyan ɗaya. Dubu ɗari uku na farko kashi 7, na biyu kashi 11, sauran 400,000 kashi 15. Jimilla naira 114,000. Tun daga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta sauya waɗannan matakai, don haka kada wani ya ɗauki lissafina ya ɗora a kan na bana.

Na biya ta banki, har da tarar jinkiri, na karɓo rasit mai ɗauke da sunana. Yanzu akwai littafi na biyu a shagon, ƙarami mai jan bango, wanda ake rubuta duk mudun da ya tafi gida. Rasitan sari kuma sun bar ƙusa sun koma jaka, kowane wata da ledarsa, kuma a watan Fabrairu nake ɗaukarsu in tafi wurin Baba.