Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har aka raba gonar Baba lafiya

Alhamdu lillahi. Ranar Juma'ar da ta wuce muka sa hannu a takarda a gaban Jauro, mu biyar da iyayenmu mata biyu, maganar gonar Baba da ke hanyar Pitowa ta ƙare. Tun ranar barci kawai nake yi kamar wadda ta tashi daga jinya. Kun san abin da ya faru tun daga sadakar arba'in, ba sai na maimaita ba, kuma ba na so in tono abin da Allah Ya rufe.

Safiya guda ce ba za ta bar raina ba. Ruwan farko ya sauka, Auta ya tafi fadama da igiya zai auna abin da ya ce rabonsa ne, ya tarar da Yaya a bakin rijiya riƙe da adda. Ina Garwa ina wanke-wanke aka kira ni. Na hau mashin ban ɗaura ɗankwali daidai ba, duk hanya abin da nake roƙo shi ne kada in tarar da jini. Da na isa, ba wanda ya taɓa wani. Suna tsaye ne kawai, taku biyar tsakaninsu, ba mai magana. Yaya ne ya riƙa goya Auta zuwa makarantar allo yana ƙarami. Na durƙusa a cikin laka tsakaninsu ina kuka har maƙwabta suka zo.

Baba Liman, na san ba ka so a ambace ka, ka yafe mini. Wata biyar kana zirga-zirga tsakanin gidajenmu da ƙafarka, ko kuɗin mashin ka ƙi karɓa. Mu a zatonmu da ka tara mu za ka buɗe littafi ka karanta wa kowa rabonsa. Ka ƙi tara mu sai da ka zauna da kowa shi kaɗai, har mu mata, waɗanda aka ce mu yi shiru tunda muna gidan miji. Ka ce rabon 'ya mace a cikin Suratun Nisa'i yake, aure ba ya share shi.

Ranar zaman farko ba ka fara da gona ba. Ka dubi Yaya ka ce: "Babba, faɗa mana abin da ka zuba a fadamar nan." Ya yi shiru, can ya soma lissafi. Shekara 11 yana noma ta, mu duk mun watse. Rijiyar da ya gina da kuɗin bijimin da ya sayar, bututun ban ruwa, mangwaro da ya dasa ya riƙa shayarwa da bokiti a tsakiyar bazara, kuma kun san zafin Garwa a watan Maris. Bai kai ƙarshe ba muryarsa ta karye. A nan na gane abin da ke cinsa. Shi gani yake za mu zo da igiya mu yanka guminsa kashi-kashi, ba wanda zai ce masa sannu. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, ban taɓa ce masa sannu ba.

Maganar kyauta ita ce mai wuya, domin Yaya ya tsaya a kan cewa Baba ya ba shi fadamar tun yana da rai. Baba Liman bai ƙaryata shi ba. Tambaya ya yi: bayan Baba ya faɗi haka, wa ke karɓar kuɗin albasa? Yaya ya ce Baba ne, har ya kwanta ciwon ajali. Sai Liman ya yi bayani a hankali cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya, kuma idan an ce wasiyya ce, ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. Don haka ƙasar ta gado ce. Rijiya da itatuwa kuwa dukiyar Yaya ce, dole a fitar masa da ita kafin a raba komai.

Zan faɗi yadda lissafin ya kasance, don mutane da yawa sun tambaye ni, wasu kuma irin wannan na jiransu a gida. Gonar kar 18 ce, kar ɗaya kwatan hekta ke nan kamar yadda ake auna gonar auduga. Huɗu a fadama, 14 a tudu. Liman ya ce ba za a raba da igiya kawai ba, tunda kar ɗin fadama da ake noman albasa da rani ba ɗaya yake da na tudu mai jiran damina ba. Aka kira dattawa uku manoma waɗanda ba su da dangantaka da mu, suka zaga suka yi kima: na fadama sefa 500,000, na tudu 200,000. Jimla miliyan 4 da dubu 800. Aka cire 200,000 bashin taki da ke kan Baba, aka cire wa Yaya 600,000 na rijiya da mangwaro, saura miliyan 4. Iyayen Baba sun riga shi rasuwa, saboda haka Inna da Mama suka raba tumuni, wato 500,000, tsakaninsu. Abin da ya rage aka kasa bakwai, maza biyu kowa kashi biyu, mu mata uku kowa kashi ɗaya.

Haƙƙin Yaya duka ya kama miliyan 1 da dubu 600, fadamar kuwa miliyan 2 ce. Aka bar masa ita gaba ɗaya, zai biya cikon 400,000 ga mu mata da iyayenmu a girbin albasa biyu, an rubuta. Tudun kuma, bayan an sayar da kar ɗaya an biya bashi, ƙuri'a aka yi a kan wanda zai samu wane ɓangare, wani yaro ɗan maƙwabta ya zaro takardun daga cikin hula. Aka kafa duwatsu a kan iyaka, aka dasa bini-da-zugu.

Mama, kishiyar mahaifiyata, ke ce kika dafa tuwon dawa da miyar kuka ranar, kika zuba wa Yaya da Auta a kwano ɗaya kika ce ba wani kwano a gidan. Allah Ya saka miki da Aljanna. Jauro da dattawan da suka sha rana suna kima, maigidana da ya haƙura da fushina da yawan fitata, maƙwabciyata da ta riƙe mini yara, Allah Ya biya ku, Ya raba zuri'arku da irin wannan fitina. Baba Liman, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya haskaka kabarin iyayenka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Baffanninmu na Ngaundere da Yola, mun gode da kiran waya. Mun so a ce ɗayanku ya zo ya zauna a kan tabarmar nan ko sau ɗaya, tunda gonar ɗan'uwanku ce. Wataƙila uzuri ne ya riƙe ku.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Jiya da yamma Auta ya kira ni daga fadama, ya ce injin ban ruwan Yaya ne ya ƙi tashi, suna can suna kwance shi tare, in aiko musu da abinci.