Ranar da tela ya rufe littafi: lissafin tallan shaddarmu na azumin 2025

'Yan uwa masu koyon tallan waya, na yi shiru tun Sha'aban, ga dalilin. Yayana da ke da shagon yadi a babbar kasuwar Katsina ya damƙa mani naira 90,000, ya ce in yi wa shaddarsa talla a Facebook da Instagram don ƙaramar Sallah, idan an sauko daga Idi in kawo masa lissafi. Na kai masa jiya. Ga naku, har da inda na yi tuntuɓe.

Bara, wato 2024, an yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, ni kuwa sai a goman ƙarshe na kunna talla. A tunanina lokacin ne kasuwa ke cika, ko masaka tsinke babu. Saƙonni sun shigo, amma kusan kowa tambaya ɗaya yake yi: "Akwai ɗinkakke?" Da na kai kuka wajen telan unguwarmu a Ƙofar Marusa, bai ko ɗago kai daga keken ba. Ya ce, "Kai yaro, ni tun sha biyar ga azumi na rufe littafi. Wanda ya sayi yadi yanzu, sai dai ya sa shi da Babbar Sallah." Ashe Sallar mai sayar da yadi tana ƙarewa ne ranar da tela ya daina karɓar ɗinki. Don haka bana daga ranar nan na fara ƙirga baya.

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar 30. Kwanakin nan suna matsowa da kamar kwana 10 ko 11 kowace shekara a kalandar bature, shi ya sa tsarin bara ba ya zama daidai a kan na bana idan da watannin bature aka rubuta shi. Ni da watan Musulunci nake rubuta nawa, sannan in duba inda ƙarshen watan albashi ya faɗo. Bana ya faɗo a jajibirin azumi.

Kafin in taɓa waya sai da na zauna da littafin Yaya. Shadda yadi biyar, bayan an cire kuɗin sari daga Kantin Kwari da kuɗin mota da na ɗan aike, tana barin ribar kamar naira 4,000. A tallan gwaji da na yi cikin Rajab, duk mutum takwas da suka yi magana ta WhatsApp, ɗaya ne ke saye. Raba 4,000 gida takwas, 500 ke nan. Ma'ana, duk saƙon da na biya wa fiye da 500, asara na sayo da kuɗina. A lokacin saƙo ɗaya yana zo mani a 180, sai na ji kamar na tsinci dami a kala.

Sai kasafi. Tun 1 ga Janairu 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan Facebook a Najeriya, don haka 90,000 ɗin nan abin da zai iya saye na talla bai wuce 83,700 ba. Na ware 13,700 na ajiye gefe. Sauran 70,000 na raba uku: 2,000 kullum a kwana goman ƙarshe na Sha'aban, 3,500 kullum a goman farko na azumi, sai 3,000 kullum daga 11 zuwa 15 ga wata, daga nan a kashe.

Farawa tun Sha'aban ba don araha kaɗai ba ne. Sabon talla yana shiga wani zango da za ku ga an rubuta Learning a gefensa cikin Ads Manager, shafin da ake sarrafa talla a Facebook, lokacin da na'urar Facebook ke lalube tana neman irin mutanen da ke amsawa. Tana bukatar sakamako kamar 50 cikin mako guda kafin ta daidaita, kuma a zangon nan farashi hawa da sauka yake yi kamar na tumatir. Da 2,000 a rana, saƙo a 180, zan samu 11 kullum, 77 a mako, na wuce 50 ke nan. So nake laluben ya ƙare tun kasuwa ba ta yi zafi ba. Wannan ɓangaren ya tafi yadda na so, saƙo ya tsaya a wajen 190.

Ranar 3 ga azumi ne abu ya ɓaci. Bayan sallar asham na buɗe waya, na ga daga 3,500 da na ware wa ranar, 900 kacal aka kashe. Saƙo huɗu. Ranar 2 ga wata ma haka. Da farko na zargi katin banki, na duba, kuɗi na nan. Na zargi hoton, na ce ko mutane sun gaji da shi. Har na kusa canza shi, Allah ya taimake ni na fara duba lambobi biyu tukuna.

Ta farko Frequency, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. Tana 1.6. Da ta haura 4 ko 5 kuma ana cinye kasafin duka amma saƙo na raguwa, da na ce gajiya ce, a sauya hoto ko a faɗaɗa yanki. Ba haka ba ne. Ta biyu CPM, kuɗin nuna talla sau dubu. Ya tashi daga wajen 1,100 a Sha'aban zuwa 1,900. Kuɗi ba ya fita, mutane ba su gaji ba, wurin talla ya yi tsada: tayina ne ya yi ƙasa.

Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da wani ya buɗe wayarsa, gwanjo ake yi a kan wane talla za a nuna masa. Ba mai tayi mafi tsoka kaɗai ke ci ba, ana haɗa tayin da yiwuwar mutumin ya amsa da kuma ingancin tallan, amma tayi na da nauyinsa. Ni kuwa tun Sha'aban na zaɓi Cost per result goal na rubuta 200, wato na ce wa na'urar ta yi ƙoƙari matsakaicin kuɗin saƙo ya tsaya a nan. Da azumi ya kama, masu atamfa da leshi da abaya da turare, na Kano da na Kaduna da na Abuja, duk suka shigo suna neman idon mutanen Katsina ɗin da nake nema. Na'urar ta ga ba za ta samo saƙo a 200 ba, sai ta riƙe kuɗin. Kamar ka aiki yaro kara ana jibi Layya, ka ce kada ya wuce farashin da aka sayi rago wata uku baya. Zai dawo maka da kuɗinka cif, ba rago.

Na ɗaga tayin zuwa 320. Washegari kuɗi ya fara fita, amma tallan ya koma Learning, domin babban gyara a tayi ko a kasafi yana iya mayar da shi farko. Nan na gane kuskure na biyu: daren ɗaya ga azumi na ɗaga kasafi daga 2,000 zuwa 3,500 a tashi ɗaya. Da na sani da na riƙa ƙara kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar duk bayan kwana biyu, tun daga 24 ga Sha'aban, in kuma ɗaga tayin a lokacin da ɓata kwana biyu ba ya ciwo. A goman farko, tsakanin tsayawa da sake lalube, kwana huɗu suka tafi a rabin ƙarfi, na kashe 29,000 maimakon 35,000.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne wannan. A goman farkon saƙo ya zo a 290, ya fi na Sha'aban tsada da naira 100, har Yaya ya leƙo wayata ya ce, "Ƙane, anya ba cinye mana kuɗi suke yi ba?" Amma cikin saƙo 100 mutum 17 suka saya, ɗaya cikin shida ke nan, alhali a Sha'aban cikin 105 mutum tara ne suka saya nan take. Mai tambaya a Sha'aban farashi yake ji, ya ce sai an yi albashi. Mai tambaya ranar 6 ga azumi telansa ya riga ya ba shi wa'adi, lambar asusu yake nema. Idan ɗaya cikin shida na saye, iyakata ta tashi daga 500 zuwa wajen 660. Ashe tayin 200 da na kafe a kai ina ganin tsimi nake yi, shi ya hana ni ciniki a kwanakin da suka fi kowane riba. Lissafin iyakar tayi da adadin masu saye na lokacin bikin ake yin sa, ba da na Rajab ba.

Mutanen Sha'aban ma ba su tafi a banza ba. Na ajiye lambobinsu, ranar 2 ga azumi na bi su da gaisuwa da hoton kalolin da suka rage, shida suka dawo suka saya, ba tare da na biya ko kwabo ba.

Daga 11 zuwa 15 saƙo ya kai 340, mutum biyar kawai suka saya, kuma "akwai ɗinkakke?" ta fara dawowa. Na kashe tallan yadi daren 15. Jimilla na kashe 64,000, da haraji 68,800, aka sayar da shadda 37, riba 148,000 kafin a cire kuɗin tallan. Ragowar kuɗin na juya wani abu daga ciki kan huluna a goman ƙarshe, tunda hula ba ta jiran tela. A can na bar tayi a Highest volume, wato ban sa wa na'urar iyakar farashi ba, domin talla na mako guda ba shi da lokacin da zai tsaya ana ja-in-ja da farashi, sai dai na riƙa duba shi safe da dare.

Wani ɗan abu da zai iya tsorata ku: kasafin kullum ba katanga ba ne. Wata rana za a kashe fiye da abin da ka rubuta, wata rana ƙasa, amma a mako ba ya wuce ninki bakwai. Ranar da na ga an zarce sai da gabana ya faɗi. Wanda ke son talla ya fito a sa'o'in da ya zaɓa kawai, kamar bayan buɗa-baki zuwa sha biyun dare da saƙonnina suka fi shigowa, sai ya zaɓi Lifetime budget, wato kasafi ɗaya na tsawon tallan gaba ɗaya, da shi ake samun damar tsara awanni. Ban gwada ba tukuna.

Babbar Sallah saura wata biyu da 'yan kwanaki, kuma ba zan kwafi wannan tsarin ba. Kuɗin magidanci rago zai bi, da yawa kuma kayan ƙaramar Sallah za su maimaita, don haka na ce wa Yaya rabin kasafin ya isa, sauran mu ajiye wa Sallar Gani ta Daura a Rabi'ul Awwal da bukukuwan aure na kaka, lokacin da manoma suka sayar da amfani. Tela ya ce wannan karon zai rufe littafi da ganin watan Zulhajji, saboda haka zan kunna talla 10 ga Zulƙida da 1,500 kullum, tayi 300 tun daga ranar farko.