Yadda na koyi karanta telar banki a gefen littafin ciniki

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da littafin ciniki a wani shagon sarin kayan masarufi da ke Kasuwar Singa a Kano, kuma aikin da ya fi cin lokacina shi ne tabbatar da cewa tsabar kuɗin da aka kai banki ta yi daidai da cinikin da aka rubuta a ranar. Shaidar da yaron shago yake dawowa da ita ita ce takardar zuba kuɗi, wadda a kasuwa muke kira tela. A watannina na farko na ɗauka aikin bai wuce in dubi jimlar cinikin rana in dubi adadin da ke kan tela ba, idan suka bambanta in nemi wanda zan tuhuma. Ban gane cewa waɗannan adadi biyu ba su da dalilin zama ɗaya ba, sai bayan da na sha kunya fiye da sau ɗaya.

Dalilin kuwa shi ne, jimlar ciniki ta ƙunshi kuɗin da bai taɓa shiga durowa ba. Akwai wanda ya biya ta taransifa, akwai wanda ya sa kati a na'urar POS, akwai kuma tsohon abokin ciniki da ya ɗauki kaya bashi. A ɗaya ɓangaren, durowa tana karɓar kuɗin da ba cinikin ranar ba ne, kamar biyan tsohon bashi, sannan ana ɗiban kuɗi a cikinta a sallami 'yan dako ko a sayi man janareta. Saboda haka kafin in taɓa tela sai na fitar da adadi na uku, wato tsabar kuɗin da ya kamata a ce an kai banki, kuma da wannan adadin kaɗai nake auna ta.

Ranar da ta fi koya mini wannan aiki wata Alhamis ce. Jimlar rasitan ranar ta kama naira 1,284,500. Daga ciki, 512,000 sun shigo ta taransifa da POS, kuma a takardar taƙaitawar da nake cikewa kowace yamma na rubuta cewa an fitar da kayan 69,000 bashi. Da na cire waɗannan biyun, cinikin tsabar kuɗi ya tsaya a 703,500. Wani mai ƙaramin kanti ya kawo 40,000 na tsohon bashinsa, muka kuma kashe 18,500 a kan dako da mai. Canjin 20,000 da muke buɗe shago da shi kullum mun bar shi a durowa yadda muka same shi da safe, don haka bai shiga lissafi ba. A taƙaice, 725,000 nake jiran in gani a banki.

Ba tela ɗaya ce take ɗauke da kuɗin wuni guda ba, kuma a nan ne sabon shiga yake fara ruɗewa. Banki yana rufe ƙofa da ƙarfe huɗu, mu kuwa ba ma rufe shago sai gab da magariba. Saboda haka yaro yakan kai abin da ya taru da misalin ƙarfe uku, ragowar kuma ta kwana a akwatin ƙarfe a kai ta washegari da safe. Telar da ke ɗauke da kwanan watan Juma'a, wadda aka buga da ƙarfe tara na safe, kuɗin Alhamis ne a cikinta, ta ranar Litinin kuwa takan haɗa ragowar Juma'a da cinikin Asabar gaba ɗaya. Wanda ya jera teloli bisa kwanan watan da ke jikinsu zai riƙa ganin giɓi yau, rara gobe, alhali ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Alat biyu suka shigo wayar Alhaji mai shagon a kan cinikin wannan Alhamis ɗin, na farko 520,000, na biyu 177,000. Jimla 697,000 ke nan, wato an sami giɓin 28,000. Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, ka duba mini wannan da kyau kafin mu yi wa yaron nan magana." Na yi sa'a da ya faɗi haka, domin ni a zuciyata na riga na yanke wa yaron hukunci.

Na shimfiɗa telolin biyu a kan tebur na fara da abin da a da nake tsallakewa, wato ɗan jadawalin nau'o'in kuɗi da ke gefen takardar, inda ake rubuta adadin 'yan dubu-dubu, da 'yan ɗari biyar-biyar, har zuwa ƙananan kuɗi. Ta Alhamis ba ta ba ni wahala ba: rafa huɗu na dubu-dubu, rafa biyu na ɗari biyar-biyar, da rafa ɗaya ta ɗari bibbiyu. Tun da kowace rafa takarda 100 ce, 400,000 da 100,000 da 20,000 sun ba da 520,000, kuma adadin da aka rubuta da alƙaluma ya dace da wanda aka rubuta da kalmomi. Lambar asusu mai alƙaluma goma tamu ce, hatimi da sa hannun kashiya suna nan.

Ta Juma'a ce ta tsayar da ni. Da rubutun hannun yaron an sa 'yan dubu-dubu guda 130, 'yan ɗari biyar-biyar 76, 'yan ɗari bibbiyu 35, da 'yan ɗari-ɗari 30, jimla 178,000, kuma da na sake ninkawa lissafinsa bai karkace ba. Amma layin da na'urar banki ta buga a ƙasan takardar, wanda tawadarsa ta kusa dusashewa har sai da na kai ta bakin ƙofa wurin haske, 177,000 ya nuna. Tun daga ranar na riƙe cewa rubutun hannu a kan tela iƙirari ne na mai kai kuɗi, bugun na'ura kuwa shi ne abin da banki ya amsa ya karɓa, kuma idan suka saɓa bugun na'ura nake bi.

Na kira yaron na tambaye shi. Ya ce, "Yallaɓai, na manta ban faɗa maka ba. Kashiya ta cire dubu ɗaya ta ce jabu ce, ta riƙe ta, ta gyara a kan takardarsu." An yi gyaran a kan asalin da ya zauna a banki, kwafinmu kuwa ya dawo da tsohon adadi. Wannan dubu ɗaya asara ce ta gaske, amma ba yaron ne ya ci ta ba, a wurin karɓar kuɗi a shago ta shige mana.

Saura 27,000. Kafin in cire dubu ɗayar, giɓin 28,000 bai gaya mini komai ba, amma 27,000 yana rabuwa da tara babu saura, kuma duk wanda ya daɗe a kan littafin kuɗi ya san abin da wannan yake nunawa. Idan mutum ya musanya wa alƙaluma biyu wuri, bambancin da ke tsakanin adadin gaskiya da wanda ya rubuta dole ne ya rabu da tara. Da na raba na sami 3,000, abin da ke nuna cewa alƙaluman suna maƙwabtaka a gidan dubbai da gidan dubu goma-goma, kuma tazarar da ke tsakaninsu uku ce, kamar 41 da 14, ko 96 da 69. Ban yi minti biyu ba idona ya faɗa kan 69,000 na bashi. Na buɗe littafin rasit na ga 96,000 a rubuce ƙarara. Ni ne na juya alƙaluman lokacin da nake kwafewa zuwa takardar taƙaitawa, na rage bashin da 27,000, na kuma zauna ina jiran kuɗin da bai taɓa shigowa shagon ba. Adadin gaskiya 698,000 ne, kuma idan aka cire jabun an koma 697,000 cif. Rabuwa da tara alama ce kawai, domin giɓi na gaske ma yana iya faɗawa kan irin wannan adadi, shi ya sa ba na rufe magana sai na ga kuskuren da idona.

Bayan wannan na sauya abubuwa kaɗan. Yanzu ni nake cike tela a shago bayan mun ƙirga kuɗin mu biyu, kuma ina kwafe jadawalin nau'o'in kuɗin a littafina kafin yaro ya fita. Amfanin hakan ya wuce kama jabu. Akwai wata dabara da ake yi a shaguna, inda mai kai kuɗi yake taɓa na yau ya cike da na gobe, gobe kuma ya cike da na jibi, ta yadda jimlar kowace tela za ta yi daidai ana ta tafiya. Abin da yake tona wannan shi ne lokaci da nau'in kuɗi: telar da ya kamata a buga da ƙarfe uku sai a ga an buga ta washegari, ko kuma a ga 'yan ɗari biyar-biyar sun yi yawa a inda na san 'yan dubu-dubu muka ƙirga. A bayan kowace tela kuma ina rubuta ranar cinikin da kuɗin ya fito, in maƙala ta da takardar taƙaitawar wannan ranar, ba ta ranar da banki ya buga ba.

Ba na ɗaukar hatimi a matsayin hujjar ƙarshe, domin ana iya sassaƙa irinsa, kuma alat ma saƙon waya ne da ake iya kwaikwaya. Duk ƙarshen mako ina karɓar bayanan asusu daga banki in bi su layi-layi, kowace tela sai na sami shigarwar da ta yi daidai da ita a adadi da rana. Telar da ba ta da layi a bayanan asusu, ko dai an zuba kuɗin a asusun wani saboda kuskuren lamba, ko kuma ba a zuba ba sam.

Akwai abin da wannan aiki ba ya iya kamawa, kuma na faɗa wa Alhaji shi tun da wuri don kada ya jingina da shi fiye da kima. Idan aka sayar da katan biyar na taliya ba a yanka rasit ba aka sa kuɗin a aljihu, littafi da tela za su yi daidai har kwabo, domin cinikin bai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan sai ƙirgen kaya a sito yake fito da shi, kuma muna yinsa a Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata. Dubu ɗayar jabun kuwa na buɗe mata layi a littafi na rubuta ta a matsayin asara, Alhaji ya sa hannu, a makon kuma muka sayi ƙaramar fitilar gwada kuɗi muka ajiye kusa da durowa.