Wa ya riga wa? Aikin jera saƙonnin imel a shagonmu na Sabon Gari

Da buga takardun ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na fara, a wani ɗan shago a Samaru, ƙarƙashin maigidana da ya koya mini keken rubutu kafin kwamfuta. Allah ya jiƙansa, ba ya yarda ka buga wasiƙa sai ka fara duba kwanan watanta. A lokacin ina ganin tsanani ne kawai. Yanzu da na buɗe nawa shagon a Sabon Gari, wannan ɗabi'ar ce ke ciyar da ni, domin lauyoyi da 'yan kasuwa na kawo mini doguwar musayar imel, shafi hamsin ko sittin, su ce in fitar musu da jeri: wa ya ce me, kuma yaushe.

Mutane na ɗauka aikin kwafa ne. Wani ma sai ya ce, "Haba Malam, yaron can na bakin PZ rabin kuɗinka yake karɓa." Gaskiya ne, rabi yake karɓa. Ya buga saƙonnin a takarda, ya fara daga shafin ƙarshe yana hawowa sama, ya kwashe kowane lokaci yadda ya gan shi. A nan ɓarnar take. Layin nan da ke saman tsohon saƙo idan an ba da amsa, mai farawa da On ya ƙare da wrote:, agogon wanda ya ba da amsar yake bi. Kuma rubutun da ke ƙarƙashinsa kowa na iya gogewa ko gyarawa kafin ya tura.

Ni ba na karɓar bugaggiyar takarda. Mai aikin zai zauna gefena ya buɗe akwatin imel ɗinsa da hannunsa, mu buɗe kowane saƙo shi kaɗai, a Gmail mu danna Show original, in ɗauki lokacin daga can.

A azumin 2024 wani Alhaji mai sayar da injinan ban ruwa ya zo da fushinsa. Ya yi odar kaya daga Guangzhou, daga baya ya rubuta cewa ya fasa, amma kamfanin ya ce ya riga ya loda. Jerin da aka yi masa a wani shago ya nuna ya soke odar da ƙarfe 5:05 na asuba, bayan sahur, su kuma sun rubuta sun loda da ƙarfe 11:20 a ranar. Yana ganin ya riga su da sama da awa shida, har ya fara maganar lauya. Da muka buɗe asalin saƙonnin biyu, ga abin da muka gani:

```
Date: Thu, 14 Mar 2024 11:20:00 +0800
Date: Thu, 14 Mar 2024 05:05:00 +0100
```

Lambobin ƙarshen nan su ne zancen. Najeriya tana +0100, Sin tana +0800, wato sun fi mu da awa bakwai. Cire bakwai daga 11:20, ka samu 4:20 na asuba agogon Zariya. Saƙonsu ya riga nasa da minti 45. Yana cikin akwatinsa lokacin da yake cin sahur, bai duba ba. Wancan yaron ya ɗauko 11:20 ne daga wani saƙon da kamfanin ya turo daga baya, inda suka maimaita maganarsu da agogonsu.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, su suka riga ka." Ya yi shiru, ya ce in sake lissafawa. Na sake a gabansa, a bayan rasit.

Shi ya sa jerina yake da gurbi biyar: lamba, lokaci da agogon Najeriya, wanda ya tura, waɗanda aka tura wa har da na Cc, sai maganar. Maganar kuwa idan alkawari ne, ko farashi, ko ranar kawo kaya, kalmomin mutum nake sawa yadda ya rubuta, ba na taƙaitawa, don "zan duba" da "na amince" ba ɗaya ba ne. Idan mutum biyu sun amsa kusan lokaci guda, layin In-Reply-To ne ke nuna mini saƙon da kowannensu ke amsawa. Wanda kuma ban samu asalinsa ba, sai a cikin amsar wani ko abin da aka turo daga wani wuri, ina sa shi a jerin amma da alama a gefensa cewa kwafe ne.

Saƙon Ingila ya fi ba ni aiki, domin daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa ta ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin kuma muna gabansu da awa guda. Musayar da ta ratsa watannin biyu, sai a bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji dai sai da ya nemi ragi a kan kuɗin aikina, wai tunda ba abin da yake so na fito masa da shi ba. Ban rage ba. Ya biya, ya naɗe takardar ya sa a aljihun babbar rigarsa, ya tafi neman wanda zai fito masa da kayan daga tashar jirgin ruwa ta Legas.