Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Muka Yanka Kuɗin Zango

A makon jiya mun tsaya ne a daidai lokacin da mai gidan da makarantarmu take a Agege ya aiko da saƙon ƙarin haya. Hutun dogon zango na 2023 ne, wata biyu da ɗoriya bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya ninka, malamaina da ke zuwa daga nesa sun fara magana a hankali. Dole a yanka sabon kuɗin makaranta kafin Satumba. Wasu abokan sana'a suka ba ni shawarar in leƙa makarantar da ke bayan layinmu, in ga nawa suka sa, in rage dubu ɗaya. Ban ɗauka ba, domin mai waccan makarantar gidansa ne, ba ya biyan haya, ni kuwa ina biya.

Na zauna da malaminmu na lissafi, muka fara daga abin da ke fita a shekara. Albashi ne babba. Malamai takwas a kan naira 45,000 kowanne, mai gadi da mai shara 30,000 kowanne, ni kuma na sa wa kaina 80,000, ya kama 500,000 a wata. Da gangan na sa nawa albashin a ciki. Mai makarantar da ba ta yanka wa kanta albashi ba, cefanen gidanta daga aljihun makaranta zai riƙa fita ba tare da an rubuta ba, a ƙarshen zango kuma a rasa inda kuɗi ya bi. Sannan muka ninka da wata 12. Iyaye sau uku suke biya a shekara, amma malami yana cin abinci a watan Agusta, kuma wanda aka hana albashin hutu, a Satumba sai ka ji ya koma wata makarantar ko ya kama sana'ar POS. Albashi ya tashi miliyan 6.

Haya da sabon ƙarin ta zama miliyan 1.8, kuma a Legas ta shekara ake karɓa gaba ɗaya. Kayan aiki, wato maka da takardu, buga jarrabawa, gyaran benci, man janareta, ruwa, kuɗin kwashe shara da abin da ake biya hukumomi, muka ƙiyasta 400,000 a zango, miliyan 1.2 a shekara. Duka miliyan 9 ke nan, kowane zango miliyan 3.

Yaranmu a rajista 120 ne. Malam ya raba, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, dubu 25 ne kan kowane yaro."

Na ce, "Malam, buɗe littafin rasit na bara, mu ga nawa ne a cikinsu suka biya."

Muka bi littafin suna bayan suna. Yara takwas ba sa biyan komai, marayu ne da 'ya'yan malamai. Gidajen da ke da yara uku ko huɗu muna yi musu ragi, kuma da muka haɗa ragin, ya kai kuɗin yara shida cif. Wasu kamar shida kuma duk zango sukan tafi da bashi, ko an koma Arewa, ko an tashi daga unguwar ba sallama. Kujera 120 ce a aji, amma aljihu 100 ne ke ɗauke da makarantar. Miliyan 3 a raba wa 100, naira 30,000 ke nan. Da mun tsaya a kan 25,000, da kowane zango mun tara miliyan 2.5, giɓin rabin miliyan, albashin wata guda cur, kuma ba za mu gane ba sai ranar biya ta zo. Muka ɗora kashi 10 cikin ɗari saboda farashi ba ya jiran ƙarshen zango, kwalin takardar da ka saya a Satumba ba haka za ka same shi a Janairu ba. Muka tsaya a kan 33,000. 'Yan nazire mun ɗan sauke musu, 'yan aji biyar da shida mun ɗan ɗaga, amma matsakaicin bai motsa ba.

Sanin adadin bai kai wahalar sanin ranar da kuɗin zai shigo ba. Iyayenmu yawancinsu 'yan kasuwa ne, masu kayan gwari a Mile 12, masu dabbobi da fawa a Oko-Oba, masu canji, masu gadi, direbobi. Mai tumatir in mota ta ruɓe masa a hanya, ba mugunta ce ta hana shi biya ba. Mai rago kuwa kuɗinsa na zuwa ne gab da Babbar Sallah. Waɗannan masu jinkiri ne, za su biya. Daban suke da wanda ya sa a ransa ba zai biya ba, kuma ana gane shi da wuri. Mai jinkiri shi ke fara kiranki, ya kawo dubu biyar ya ce a rubuta. Ɗayan kuwa wayarsa kullum a kashe, yaron ne ke kawo saƙon "Baba ya ce gobe".

Saboda haka muka raba biyan gida uku: rabi a makonni biyun farko, rubu'i bayan hutun tsakiyar zango, ragowar kafin jarrabawa. Rabin ba a banza muka zaɓe shi ba. In aljihu ɗarin suka kawo shi, miliyan 1.65 ne, ya isa kayan aiki da albashin wata biyu, har a ga ɗan canji. Kowane zango kuma akwai kuɗin da ba namu ba ne ko da yana hannunmu: 600,000 na haya, da rabon da ya hau kansa na albashin watannin hutu. Na buɗe musu asusun banki dabam wanda ba shi da kati. Alamar da nake dubawa ɗaya ce. In tsakiyar zango ta yi na ga hannuna na neman wannan asusun don biyan malamai, to ko kuɗin ya yi kaɗan, ko karɓa ta yi sanyi, kuma littafin rasit ne zai nuna wanne ne. In mutane sun biya amma bai isa ba, laifin adadi ne. In shafuka na nan fayau, ƙarin kuɗi ba zai gyara komai ba, sai ma ya kori masu biyan.

Korar yaro daga aji a gaban 'yan'uwansa ban yarda da ita ba, bashin na ubansa ne. Uban nake kira ofis, mu rubuta ranaku, ya sa hannu. Katin sakamako kuma sai an kammala. A zango na uku nake tsanantawa, domin bashin da ya tsallaka dogon hutu da wuya ya dawo, yaron sai ki gan shi a Satumba da kayan wata makarantar ya wuce ta ƙofarki.

A taron iyaye na rubuta lissafin nan duka a allo, har da albashina. Wani dattijo mai sayar da albasa ya miƙe ya ce, "Hajiya, ashe har da kuɗin marayu muke biya?" Na ce eh, Baba, kusan naira 2,400 ne a kan kowane mai biya. Ya yi shiru kaɗan, ya ce to a bar shi, amma a riƙa faɗa musu. Gidaje huɗu sun cire 'ya'yansu a wannan zangon, biyu sun dawo a Janairu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zaman da muka yi da mai gida a kan biyan hayar kashi biyu.