Takardar da na raba gida uku

A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi, alhali nan nake samun na tuwo. Hanyoyi uku suka rage mini: rumfar albasar kawuna a kasuwar Mile 12, gadin wani gida a Lekki, ko koyon gyaran wayar hannu a Computer Village, kasuwar wayoyi da ke Ikeja.

Wani malamin makaranta da muke sallah tare a Agege ya ce in raba takarda gida uku, in rubuta abu biyar-biyar: abin da ke da muhimmanci a wurina, abin da na iya, da abin da na tsana.

Gidan farko nan take na cike shi da gaskiya, amana, taimakon jama'a. Ya karanta ya yi dariya. "Malam, wannan ai huɗuba ce. Wa zai ce ba ya son gaskiya? Rubuta abin da aiki zai iya ƙwace maka." Na sake: kwana da iyalina, Juma'a a masallaci, zuwa gida da babbar sallah, kuɗi a hannu kullum. Kwana da iyali kaɗai ya kori gadi.

A gida na biyu sharaɗinsa shi ne kada in sa abin da ba a taɓa nema na dominsa ba. Na so in rubuta iya kasuwanci, don gadon gidanmu ne, amma ba wanda ya taɓa aike na in yi masa ciniki. Abin da 'yan tasharmu ke kira na a kai shi ne mashin ya ƙi tashi, ko waya ta yanke a fitila. Ina iya shafe awa biyu ina bin waya ɗaya ban ƙosa ba.

Gida na uku ne ya kusa ɓatar da ni. Na rubuta "hayaniya", kuma duk wanda ya taɓa shiga Computer Village ya san da wannan kalmar magana ta ƙare. Sai malamin ya ce in faɗi ranar ƙarshe da hayaniya ta ɓata mini rai. Da na tuna, ashe ba ƙarar motoci ba ce, jayayya ce da fasinja kan canji. Na goge, na rubuta jayayya kan kuɗi da bin bashi. Rumfar albasa kuwa rabin wuninta ke nan.

Abin da takardar ba ta warware ba shi ne ɗan koyo ba ya samun kuɗi kullum. Dole na sauke wannan buƙatar zuwa ƙasa. Wata takwas ina sammako in taya kawu sauke buhuna ya sallame ni, sannan in kama hanyar Ikeja. Har yau idan mai waya ya fara taya farashi, abokin aikina nake tura masa.