Abin da na koya daga awon hawan jini a binciken STEPS

Cututtukan da ba a ɗaukarsu daga wani, irin su ciwon zuciya, ciwon suga, ciwon daji da ciwon huhu mai daɗewa, ba sa faɗo wa mutum rana ɗaya. Akwai abubuwan da ke share musu hanya shekara da shekaru: shan taba, shan barasa, yawan gishiri, ƙarancin kayan marmari da ganye a abinci, rashin motsa jiki, sannan ƙiba, hawan jini, da yawan suga ko kitse a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani bincike mai suna STEPS don ƙasashe su riƙa auna waɗannan abubuwa a tsakanin manya, 'yan shekara 18 zuwa 69. Na yi aiki cikin masu bin gida-gida a irin wannan bincike, kuma abin da ya fi zama mini darasi shi ne awon hawan jini.

Binciken hawa uku ne. A mataki na farko tambayoyi ake yi, mutum ya faɗi da bakinsa. A na biyu a gwada jikinsa: tsayi, nauyi, faɗin ƙugu da hawan jini. A na uku a ɗibi ɗigon jini daga yatsa a duba suga da kitse. Kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi tsada da wahala, shi ya sa aka jera su haka, ƙasa ta fara da abin da za ta iya.

Tun kafin a ɗauko na'ura akwai ƙa'idar da ke da wuyar bi. A kowane gida mutum ɗaya ake ɗauka, kuma ba mu ke zaɓensa ba. Muna shigar da duk manyan gidan a kwamfutar hannu, ita ta fitar da ɗaya kamar an jefa ƙuri'a. Sau da yawa wanda ta fitar ba ya gida, ga kuma dattijo yana miƙo hannu yana cewa shi ne mai ciwon kai, shi ya kamata a duba. Abin yana taɓa zuciya, amma ba a musanya. Idan muka riƙa ɗaukar wanda muka tarar a zaune, tsofaffi da marasa lafiya za su cika lissafin, a ce hawan jini ya fi yadda yake a gaske. Sai dai mu koma wani lokaci mu sami wanda aka fitar.

Ga yadda awon yake. Mutum zai zauna shiru na minti 15, ba ya magana, bai harɗe ƙafafu ba. A ɗora hannunsa na hagu a kan tebur, tafin yana kallon sama, a naɗa ɗamarar na'urar a damtse daidai da saitin zuciya. Ɗamarar nan girma-girma ce, kuma dole a zaɓi wadda ta dace da kaurin damtsen, domin ƙarama a kan babban damtse tana ba da lamba sama da gaskiya. Sai a auna sau uku, da hutun minti 3 a tsakani. Wurin lissafi ana ajiye awon farko, a ɗauki matsakaicin na biyu da na uku.

Wani magidanci ɗan shekara 46 ne ya nuna mini hikimar wannan a zahiri. Aikin ƙarfi yake yi, kuma bai taɓa sa hannu a irin wannan na'ura ba. Da ɗamarar ta fara matse shi sai na ga ya ƙame, ya riƙe numfashi, idonsa a kan allon. Lamba ta fito 152/94. Ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na ce, "Malam, ka saki jikinka, da saura biyu." Na biyu ya ba da 141/88, na uku 137/86. Matsakaicin biyun ƙarshe 139/87 ke nan. Iyakar da binciken ya sa ita ce 140 a lambar sama ko 90 a ta ƙasa, idan ɗaya daga cikinsu ta kai, an ƙidaya mutum cikin masu hawan jini. Da awon farko kaɗai aka rubuta, da ya shiga sahun masu hawan jini. A ƙa'ida bai shiga ba, ko da yake yana bakin iyaka. Mutane dubbai ake aunawa, kuma akasarinsu awonsu na farko ya fi hawa, don haka gaggawar ma'aikaci ɗaya tana iya kumbura adadin yanki guda.

Akwai kuma akasin haka. Wata mata awonta ya fito lafiya ƙalau, amma da na tambaye ta ko ta sha maganin hawan jini da ma'aikacin lafiya ya rubuta mata cikin mako biyu da suka wuce, ta ce kullum tana sha. Ita ana ƙidaya ta cikin masu hawan jini, domin magani ne ya sauko da shi. Wannan tambaya guda ce ke sa a iya gane nawa ne ke da ciwon, nawa ke kan magani, nawa ne kuma maganin ya yi musu aiki. A ganina wannan shi ne mafi amfanin abin da binciken ke fitarwa.

Mu koma kan magidancin. Tsayinsa mita 1.70, nauyinsa kilo 78. Idan aka raba nauyin da tsayi sau tsayi, wato 78 ÷ 2.89, ana samun kusan 27. Daga 25 an ce nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce sosai. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar kansa mai jiki ba. A tambayoyin mataki na farko ya ce yana shan taba kullum, kuma kayan marmari da ganyen da yake ci ba su kai kaso biyar a rana ba, kowane kaso kimanin giram 80. Motsa jiki dai ya wuce minti 150 a mako da ake nema nesa ba kusa ba. Binciken yana haɗa abubuwa biyar wuri guda: taba kullum, ƙarancin kayan marmari da ganye, ƙarancin motsa jiki, nauyi fiye da kima, da hawan jini. Yana da uku cikin biyar, saboda haka ya faɗa rukunin masu haɗari mai yawa alhali jininsa bai haye iyaka ba.

Mataki na uku washegari da safe ake yi, bayan mutum ya yi awa 12 bai ci komai ba sai ruwa. Na lura idan ka ce "Ka yi azumin da aka ce?" kusan kowa zai ce e, don kada ya ba ka kunya. Gara ka tambaye shi ƙarfe nawa ya sa wani abu a baki na ƙarshe, kuma mene ne. Da haka ake gano wanda ya kurɓi abu mai zaƙi da asuba bai ɗauke shi abinci ba. Irin wannan ba a rubuta sugansa a matsayin na mai azumi, sai a sake sa masa rana idan da hali.

Abu ɗaya da nake nanata wa duk wanda na auna shi ne, mu ba mu zo yanke masa hukuncin ciwo ba. Awon zama ɗaya ya isa a ƙiyasta halin da al'umma ke ciki, amma likita sai ya maimaita a wata rana dabam kafin ya ce mutum yana da hawan jini. Muna rubuta wa kowa lambobinsa a takarda ya riƙe, wanda nasa ya yi sama mu tura shi asibiti. Magidancin nan na ce masa ya je a sake auna shi ba da jimawa ba, ya kuma tambayi ma'aikatan lafiya yadda za su taimaka masa ya rabu da taba.